Yadda ake yi wa mai gida saƙon sallama da neman takardar shaida in za a tashi daga gidan haya

Mai tashi daga gidan haya hankalinsa yana kan ɗaure kaya, da neman motar kwasa, da kuɗin sabon wuri. Saƙon sallama ga mai gida shi ne abin da ake barin sa sai ƙarshe, wani ma ba ya yin sa, sai dai ya miƙa makulli ya juya. Ranar da sabon mai gida ko dillali ya ce a kawo shaidar inda aka zauna a baya, a ranar ne mutum zai fara laluben lambar wanda ya rabu da shi ba ko sai wata rana, kuma roƙon da zai yi a lokacin yana da nauyi a baki. Wannan saƙo gajere ne, bai kai shafi ɗaya ba, amma aiki biyu yake yi: yana rufe zama da mutunci, yana kuma samo maka takardar da za ta buɗe maka ƙofar gaba. Abin da ke lalata shi kusan kullum guda ne, wato cusa masa aikin da ba nasa ba.

Ka fara da raba takardunka uku

Akwai rubutu iri uku da ke shiga tsakanin ɗan haya da mai gida a ƙarshen zama, kuma kowanne da ranarsa. Na farko shi ne notis, sanarwar cewa za ka tashi ranar kaza. Wannan takarda ce ta ƙa'ida, tsawon wa'adinta yana cikin yarjejeniyar da kuka sa wa hannu ko a dokar inda kake zaune, kuma ita ake fara bayarwa tun da sauran lokaci. Na biyu shi ne maganar lissafi: ragowar kuɗin haya, kuɗin wuta da na ruwa, gyaran abin da ya lalace, da kuɗin ajiyar da aka karɓa a hannunka saboda ɓarna in akwai shi. Na uku shi ne saƙon godiya da neman shaida, wanda shi muke magana a kai.

Kada ka haɗa su. Saƙon godiya ba ya tsayawa a madadin notis, domin wanda ya rubuta "ina godiya da zaman da muka yi, zan tashi nan ba da jimawa ba" bai faɗi rana ba, kuma in gardama ta taso ba shi da abin nunawa. Haka nan in ka sa neman shaida da neman kuɗin ajiyarka a saƙo ɗaya, ka ɗaura su da igiya guda ke nan. Mai gida zai karanta ya ga kamar ciniki ake yi da shi, ko kuma shi da kansa ya mayar da abin ciniki, ya ce ka haƙura da wani ɓangare na kuɗin shi kuma ya rubuta maka takarda mai kyau. Kuɗin ajiya haƙƙinka ne in ba ka yi ɓarna ba. Shaida kuwa alfarma ce kake nema, sai dai in yarjejeniyarku ta ambace ta. Muryar da ake neman haƙƙi da ita daban take da wadda ake neman alfarma da ita, shi ya sa ba sa zama a takarda ɗaya.

Lokacin turawa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kun zagaya gidan tare, mai gida ko wakilinsa ya ga ɗakuna da idonsa, an karanta mita, ka miƙa makullai. A ranar ko washegari. Dalili kuwa shi ne abin da kake so ya shaida a kai yana gabansa sabo: ya ga bango ba huda, ya ga famfo yana aiki, ya ga an share wuri. In ka bari wata biyu ya wuce, wani ya shiga gidan, duk abin da sabon ɗan haya ya yi ƙorafi a kai zai iya komawa kanka a zuciyar mai gida, ko da ba kai ka yi ba.

Sai dai ba kullum abin yake zuwa a jere haka ba. Sau da yawa sabon wurin yana neman shaida kafin ya ba ka gida, kai kuma ba za ka saki na hannu ba sai ka kama wani. A nan sai ka raba saƙon biyu. Ka nemi shaidar tun kana cikin gidan, bayan ka ba da notis, ka gayyaci mai gida ya zo ya duba wurin in yana so kafin ya rubuta. Godiyar sallama kuma ta biyo baya ranar miƙa makulli. Abin da ba na so ka yi shi ne ka ba sabon dillali lambar mai gidanka alhali shi bai ma san za ka tashi ba. Ya ji labarin tashinka daga bakin baƙo a waya, ka riga ka ɓata shaidar kafin a fara ta.

Akwai kuma tambayar wa za ka tura wa. Ka tura wa wanda ya san zamanka, wato wanda yake karɓar kuɗi yana ba da rasit, wanda kake kira in rufi ya yi yoyo. In wakili ne ko kamfanin kula da gidaje ke riƙe da gidan, kuma ainihin mai shi bai taɓa ganin fuskarka ba, shaidar wakilin ta fi amfani domin littafin biya yana hannunsa. Kana iya yi wa mai gidan godiya daban, amma takardar ka neme ta a inda bayanin yake.

Abin da za ka tara kafin ka rubuta kalma ɗaya

Ka ɗauko yarjejeniyar haya da rasit ɗinka ko bayanan tura kuɗi na banki, ka zauna da su minti goma. Abin da kake nema shi ne ranar da ka shiga, ranar da ka fita, cikakken adireshin gidan har da lambar ɗaki ko sashe in gidan na mutane da yawa ne, da kuma gaskiyar yadda ka riƙa biya. Mutane suna mantuwa a nan fiye da yadda suke zato. Wani zai rantse bai taɓa makara ba, sai ya duba ya ga akwai wata biyu da kuɗin ya shiga bayan rana. Gara ka gano da kanka kafin ka roƙi mutum ya rubuta cewa ba ka taɓa saɓa lokaci ba, shi kuma littafinsa yana nuna akasin haka.

Sannan ka tambayi sabon wurin irin shaidar da suke so. Wasu wasiƙa suke so mai sa hannu, wasu suna da fom nasu da za su tura wa tsohon mai gida ya cike, wasu kuwa kiran waya na minti uku ya ishe su. In ba ka tambaya ba, za ka sa dattijo ya zauna ya rubuta wasiƙa, daga baya ka dawo ka ce ashe fom ne. Roƙo na biyu ba ya samun karɓuwar na farko.

Ginin saƙon

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata mata ce ta zauna a gida mai ɗaki biyu da falo daga 1 ga Yuni 2021 zuwa 31 ga Mayu 2024, shekara uku cif, tana biya wata-wata. Cikin biya 36 ta makara sau ɗaya, da kwana goma sha biyu, lokacin da aka yi jinkirin albashi, kuma ta sanar da mai gida tun kafin ranar ta zo. Mai gidan dattijo ne, tana kiran sa Baba. A shekararta ta biyu bututun ruwa ya fashe a banɗaki da dare, ya turo mai gyara da sassafe. Yanzu an yi mata canjin wurin aiki, sabon dillali yana son wasiƙa kafin 10 ga Yuni.

Saƙon yana farawa da gaisuwa da sunan da ta saba kiran sa da shi. Wanda kake ce wa Baba ko Alhaji ko Hajiya shekara uku, kada ranar rabuwa ka koma kiran sa da salon wasiƙar ofis, zai ji kamar an ja baya da shi. Daga nan sai ta faɗi ko ita wace ce da gidan da ta zauna, ko da tana ganin ya sani. Mai gidaje da yawa yana iya ajiye lambarka da sunan da ba za ka zata ba, kuma saƙon da ke ɗauke da adireshi da kwanan wata yana zama shaida shi kansa.

Sai godiya, kuma nan ne mafi yawan saƙonni suke zama fanko. "Na gode da komai da komai" magana ce da ake iya faɗa wa kowa, shi ya sa ba ta taɓa zuciyar kowa. Ka nemo abu ɗaya da mutumin ya yi da gaske ka ambace shi: gyaran da ya yi da wuri, haƙurin da ya yi da kai wata guda, ƙarin haya da ya jinkirta, ko ma kawai bai taɓa shigo maka gida ba tare da sanarwa ba. Abu ɗaya ko biyu sun isa. Yaba kyauta tukwici, kuma mutum in ya ga an riƙe alherinsa a rai har an tuna ranar, hannunsa yana saurin zuwa ga alƙalami. Amma kada ka ƙirƙiro abin da bai faru ba, domin shi ma ya san abin da ya yi da wanda bai yi ba. In zaman bai yi daɗi sosai ba, ka tsaya a kan abin da yake gaskiya ko da ƙarami ne, kamar cewa ka sami wurin zama lafiya tsawon wannan lokaci.

Bayan godiya sai jimla ɗaya ta halin da aka bar gida: an miƙa makullai nawa, ga wa, ranar yaushe. Sannan roƙon. Ga yadda nata zai kasance:

"Assalamu alaikum Baba, barka da yamma, da fatan an wuni lafiya, ya iyali? Ni ce wadda ta zauna a sashe na biyu na gidanku daga 1 ga Yuni 2021 zuwa jiya, 31 ga Mayu 2024. Na ga bai kamata in tafi ban yi muku godiya a rubuce ba. Shekara uku na yi ban taɓa kiran ku a kan gyara kuka bar ni ina jira ba, kuma ban manta da daren da bututun banɗaki ya fashe kuka turo mai gyara tun da sassafe ba. Haka nan haƙurin da kuka yi da ni watan da albashi ya makara yana raina. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Kamar yadda muka duba gidan tare jiya, na miƙa muku makullai huɗu, an kuma karanta mitar wuta da ta ruwa.

Baba, ina neman wata alfarma. Inda zan koma sun nemi takardar shaida daga wurin da na zauna. Abin da suke so ta ƙunsa shi ne adireshin gidan, ranar shigata da ta fitata, yadda na riƙa biyan haya, da halin da na bar gidan. Layi biyar ko shida sun isa, da sa hannunku. Suna son ta kafin 10 ga Yuni. In zai fi muku sauƙi, zan iya rubuto ta ku duba, ku gyara abin da bai yi muku ba, sannan ku sa hannu. Ina kuma neman izininku in ba su lambar wayarku, ko za su kira don tabbatarwa. In akwai abin da na yi muku ba daidai ba a zaman da muka yi, a yafe mini. Na gode."

Ka lura da abin da roƙon ya yi. Bai ce "ku rubuta mini wani abu mai kyau" ba, ya lissafa abubuwa huɗu da mai gida ya sani kuma zai iya tsayawa a kansu. Mutane da yawa suna nauyin rubuta shaida ne saboda ba su san me za su ce ba, ko suna tsoron kada su ɗauki nauyin halin wanda ba su sani ciki da bai ba. In ka nuna masa cewa kwanan wata da biyan kuɗi kawai ake tambaya, ka sauke masa wannan nauyin. Roƙon ya kuma faɗi rana, ya bar masa kwana tara. Kwana bakwai zuwa goma shi ne daidai a ganina. "Ina so yau ɗin nan" yana sa mutum ya ji an matsa masa, "duk lokacin da kuka samu dama" kuwa yana nufin ba za a taɓa yi ba.

Maganar makarar da ta yi, da gangan ta sa ta a cikin godiya. Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma tsaya dogon bayani ba. Ta tuna masa cewa sau ɗaya ne, da dalili, kuma shi da kansa ya amince a lokacin. Idan dillali ya kira ya tambaya ko ta taɓa makara, amsar da za ta zo bakin Baba ita ce wadda saƙon ya riga ya shimfiɗa: sau ɗaya, ta sanar, ta biya.

Neman yafiya da amsa laifi ba ɗaya ba ne

Wannan wuri yana buƙatar a tsaya a kansa. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma cewa "a yafe mini in na yi ba daidai ba" magana ce mai kyau da ke wanke zuciya, ban ga dalilin cire ta ba. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ta zarce ta zama lissafin ɓarna. Wanda ya rubuta "ku yi haƙuri da tabon da yara suka yi a bango da ƙofar da ta karye" ya ba da takardar amsa laifi da hannunsa, alhali wataƙila ƙofar tun shigarsa take da matsala, tabon kuma irin tsufan fenti ne da shekara uku ke kawowa ko da wa ya zauna. In maganar kuɗin ajiya ba ta ƙare ba, wannan jimlar za a iya ɗauko ta a cire maka kuɗi da ita. Ɓarnar da ka yi da gaske, ka faɗe ta a wurin zagayen duba gida, ku daidaita a kan gyara ko biya, a rubuta a takardar lissafi. Ba a saƙon godiya ake warware ta ba.

Haka nan ka guji jimloli irin su "babu sauran komai tsakaninmu" ko "ba na bin ku, ba kwa bi na" matuƙar akwai kuɗinka a hannunsa. Mutum yana rubuta su ne da kyakkyawar niyya, don ya nuna an rabu lafiya, amma a takarda ma'anarsu ita ce ka yafe abin da ya rage. In an riga an mayar maka da kuɗin, to ka faɗa, har ka gode a kai, wannan ma ƙarin shaida ne cewa ba a same ka da ɓarna ba.

Ƙorafi ma ba wurinsa ba ne. Kwatar da ta toshe wata shida ba a gyara ba, maƙwabcin da ya hana ka barci, duk gaskiya ne, amma saƙon da ya fara da godiya ya ƙare da "sai dai kuma" ya rushe kansa. In kana ganin akwai abin da ya kamata mai gida ya sani don amfanin wanda zai shigo bayanka, ka faɗa masa da baki ranar duba gida, ko ka bari sai takardar ta zo hannunka.

Takardar shaidar kanta

In ya ce ka rubuto ya sa hannu, wanda shi ne abin da yawanci ke faruwa, sai ka rubuta ta da muryarsa, a taƙaice, ba tare da kambama kanka ba. Ta matar nan za ta iya zama haka:

"Ga duk wanda abin ya shafa. Ina tabbatar da cewa mai wannan suna ta yi haya a gidana da ke wannan adireshi daga 1 ga Yuni 2021 zuwa 31 ga Mayu 2024. Tana biyan haya wata-wata. A tsawon wannan lokaci ta biya duka, sau ɗaya kawai ta yi jinkiri na kwana goma sha biyu, kuma ta sanar da ni tun kafin lokacin. Ba ta bar bashin haya, wuta ko ruwa ba. Na duba gidan ranar da ta tashi, na same shi cikin kyakkyawan hali. Ban sami ƙorafi a kanta daga maƙwabta ba, kuma zan sake ba ta haya in ta nema. Ana iya tuntuɓata a wannan lamba."

A inda aka ambaci suna, adireshi da lamba, sai a sa na gaskiya cikakku, kuma sunan ya zo daidai da yadda yake a katin shaidarka, ba sunan da ake kiran ka da shi a gida ba. A ƙasa kuma cikakken sunan mai gida, matsayinsa, wato shi ne mai gidan ko wakili ne, sa hannu da kwanan wata. Takardar da ba kwanan wata ba ta da ƙarfi, domin ba a san ko ta bana ce ko ta shekara biyar da suka wuce ba. In kamfani ne, a yi ta a kan takardarsu mai tambari ko ta fito daga adireshin imel na kamfanin.

Jimlar da ta fi kowace nauyi a ciki ita ce "zan sake ba ta haya". Ita ce mai karɓar takardar yake nema da ido, domin ta tattara komai. Amma ita ce kuma wadda ba ka da ikon tilasta wa kowa. Ka sa ta a daftarin, in ya soke ta kada ka yi jayayya, sauran bayanan sun isa su yi aiki. Ka kuma lura ban sa adadin kuɗin haya a misalin ba. In sabon wurin ya tambaya a sa, domin wasu suna so su ga ko ka saba ɗaukar haya mai nauyin wadda za ka shiga. In ba su tambaya ba, ba dole.

Wani zai ce me ya sa za a rubuta makarar kwana goma sha biyu a takardar da ake so ta yi kyau? Saboda ana kira a tabbatar. In takarda ta ce ba a taɓa makara ba, a waya kuma Baba ya ce "to, akwai dai sau ɗaya", dillali ba zai tsaya auna kwana goma sha biyu ba, abin da zai riƙe shi ne takarda da baki sun saɓa, daga nan kuma duk sauran abin da ke ciki ya shiga shakka. Makara ɗaya cikin 36 da aka faɗa a fili ba ta hana mutum gida a wurin mai hankali, har tana sa a yarda da ragowar.

Ta wace hanya, kuma in an yi shiru fa

Ka tura ta hanyar da kuka saba magana, muddin rubutu ne da zai zauna: imel, WhatsApp, ko wasiƙa a hannu wadda ka ɗauki hotonta. In mai gidan dattijo ne da bai cika karanta dogon saƙo a waya ba, ka kira shi ko ka je ka faɗa da baki, sannan ka bi da rubutun don ranaku da abubuwan da ake so su kasance a gabansa. Saƙon murya shi kaɗai bai isa ba, domin ba wanda zai koma yana sauraron minti uku don ya ciro kwanan wata. Takardar in ta fito, ka ɗauki hotonta mai kyau ko ka yi mata sikan, ka ba sabon wuri kwafi, asalin ya zauna a hannunka. Za ka iya sake buƙatar ta bayan shekara biyu, lokacin da wataƙila gidan ya canza hannu ko lambar ta daina shiga.

In kwana huɗu ko biyar suka wuce ba amsa, ka tuna masa sau ɗaya, a gajarce: "Baba, barka da safiya. Ina tuni ne a kan takardar nan, kafin 10 ga wata suke son ta. Ga daftari na haɗo, in ya yi muku sai in zo ku sa hannu a lokacin da kuka ga dama." Yawancin shiru ba ƙi ba ne, hidima ce ta yi yawa, kuma daftarin da aka haɗo yakan warware shi a rana ɗaya. Amma in ka tuna sau ɗaya, ka kira sau ɗaya, har yanzu ana ce maka "za a duba", to ka fahimci amsar ke nan. Kada ka ba da lambar mutumin da yake jan ƙafa, domin wanda bai so ya rubuta ba, ba ka san abin da zai faɗa a waya ba, kuma sanyin murya kaɗai yana iya sa dillali ya ajiye takardunka gefe.

A irin wannan hali sai ka gina shaidarka da abin da ke hannunka. Yarjejeniyar haya tana nuna ranar shiga da adireshi. Rasit ko bayanan banki na wata goma sha biyu na ƙarshe suna nuna biya a kan lokaci, kuma su ba sa buƙatar alfarmar kowa. Hotunan gidan da ka ɗauka ranar fita, da takardar duba gida in an sa mata hannu, da shaidar an mayar maka da kuɗin ajiya, duk suna faɗin halin da ka bar wurin. In ka taɓa haya a wani gida kafin wannan, mai wancan gidan ma ana iya neman sa. Ka gaya wa sabon dillali kai tsaye cewa tsohon mai gidan bai ba da takarda ba, ga abin da kake da shi a madadinta. Abin da ba za ka yi ba ko da an ƙure ka shi ne ka sa aboki ya amsa waya a matsayin mai gida, ko ka sa hannu da sunan wani. Tambaya biyu a kan adireshi da ranar shiga sun isa su tona shi, kuma sa hannun bogi ya wuce rasa gida, laifi ne da ake hukunta mutum a kansa.

Idan kuwa takardar ta zo, ka sanar da mai gida ranar da ake sa ran kiran da sunan kamfanin ko mutumin da zai kira, don kada ya ga baƙuwar lamba ya ƙi ɗauka. Bayan an ba ka sabon gidan, ka koma masa da layi biyu: "Baba, an ba ni gidan, takardarku ta yi amfani. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci." Ka ajiye lambarsa, ka kuma bar masa taka wadda za ta ci gaba da aiki, saboda wasiƙa ko takardar kuɗin wuta da za ta iya zuwa tsohon adireshin da sunanka bayan ka tashi.